Tsantsa ko Gauraye: Yadda Ake Gane Halin Ƙwayar Haske da Jadawali

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ga wata tambaya da nake so mu warware a wannan shafi. A ce an kawo fitilu biyu an rufe kowace cikin akwati mai 'yar ƙofa, an ajiye matacin haske a bakin kowace ƙofa, irin gilashin nan da ake kira folaroyid, wanda ake sa wa waɗansu tabarau na rana. An tsai da matatan biyu daidai wa daida. Muka auna, sai muka ga rabin hasken fitila ta fari ya wuce, rabin hasken ta biyu ma ya wuce. Shin hasken nan biyu iri ɗaya ne? Amsa ita ce ba lalle ba ne. Abin da ke bambanta su kuwa shi ne ya sa masana ilmin kwantam suka ƙago wani jadawali na lissafi a shekarar 1927. John von Neumann da Lev Landau ne suka fito da shi, kowa ta hanyarsa. Sunansa a bakin masana densiti matiris, kuma ana rubuta shi da baƙin Helenanci ρ, wanda ake faɗa "ro". Ni dai jadawalin ro zan riƙa ce masa.

Mu fara da hasken kansa. Haske yana tafiya ne ƙwaya-ƙwaya, kowace ƙwaya sunanta foton. Yayin da take tafiya gaba, akwai wata kaɗawa da take yi a gicciye da hanyarta, kamar yadda yara biyu kan riƙe igiya ɗaya yana kaɗa ta. Yana iya kaɗa ta sama da ƙasa, watau a tsaye, ko hagu da dama, watau a kwance, ko kuwa a karkace tsakanin biyun. Matacin haske yana da tasa fuska. Ƙwayar da kaɗawarta ta dace da fuskarsa takan wuce, wadda ta gitta masa sarai ba ta wucewa. Wadda ke tsakani fa? Ita ba ta rabuwa biyu. Ko dai ta wuce ɗungum ko ta tsaya ɗungum, kuma ba wanda zai iya faɗa tun da wuri. Abin da lissafi ke bayarwa shi ne rabonta na wucewa, watau cos² na kusurwar da ke tsakanin kaɗawarta da fuskar mataci. In kusurwar digiri 45 ce, rabon rabi ne. A duk bayanin nan na ɗauka matacin cikakke ne. Na gaske yakan shanye ɗan haske ko da fuska ta dace, sai mai awo ya gyara lissafinsa saboda haka.

To, yanzu bari in buɗe akwatunan nan. A na fari, kowace ƙwaya an shirya ta tana kaɗawa a karkace, digiri 45, dukansu hali ɗaya. A na biyu kuwa, fitilar tana sakin ƙwaya mai kaɗawa a kwance wani lokaci, mai kaɗawa a tsaye wani lokaci, rabi da rabi, ba tsari. Mataci a kwance zai bar rabin kowanne ya wuce, amma dalilin daban ne. Hali na fari shi ake kira tsantsa, na biyu gauraye.

A nan ne mutane da yawa kan rikice, domin littattafai sukan ce hasken karkace "rabi kwance ne rabi tsaye". Ku dubi matafiyin da ya nufi arewa maso gabas. Ana iya cewa tafiyarsa tana da arewa a ciki, tana da gabas a ciki, amma hanya ɗaya ce tak ya bi, kuma sananniya ce. Wannan ba daidai yake da ayarin da ya rabu ba, waɗansu suka yi arewa waɗansu suka yi gabas, mu kuwa ba mu san wanda ya bi ina ba. Akwati na fari matafiyin nan ne, na biyu ayarin. Shaidar kuwa mai sauƙi ce: a juya mataci zuwa digiri 45. Hasken akwati na fari zai wuce duka. Na biyu rabi ne dai zai wuce, kome juyin da aka yi masa.

Halin tsantsa lambobi biyu sun isa su bayyana shi. Mu ce a ita ce gwargwadon kwance, b gwargwadon tsaye, da sharaɗin a² + b² = 1. Hasken kwance a = 1, b = 0. Na karkace kuwa a da b kowace 1/√2 ce. Amma akwati na biyu ba wasu a da b da za su bayyana shi, domin duk a da b da ka zaɓa, wata fuska ka zaɓa, akwai kuma matacin da zai bar hasken ya wuce duka. Saboda haka ake bukatar abin rubutu mafi faɗi.

Ga yadda ake gina shi. A zana gurabu huɗu kamar gurabun dara, sahu biyu, ginshiƙi biyu. A hali tsantsa, a cika su haka:

```
ρ = | a×a   a×b |
    | b×a   b×b |
```

Hasken kwance zai ba da 1 a gurbin sama na hagu, sauran duka sifiri. Hasken tsaye zai ba da 1 a gurbin ƙasa na dama, sauran sifiri. Hasken karkace na akwati na fari kuwa kowane gurbi 1/2 ne, gama 1/√2 sau 1/√2 rabi ke nan.

In hali gauraye ne, sai a rubuta jadawalin kowane iri da ke cikin gaurayen, a ninka shi da rabonsa, sa'an nan a tara gurbi da gurbi. Akwati na biyu rabin jadawalin kwance ne a tara da rabin na tsaye. Ga su nan gefe da gefe:

```
na fari:  | 1/2  1/2 |     na biyu:  | 1/2   0  |
          | 1/2  1/2 |               |  0   1/2 |
```

Ku lura da layin da ya taso daga sama hagu ya gangara ƙasa dama. Shi zan kira layin kusurwa. Lambobin da ke kansa su ne rabon wucewa ta mataci a kwance da mataci a tsaye, shi ya sa akwatunan biyu suka yi daidai a wurin. Jimlar lambobin layin nan ita ake kira tires, ana rubuta ta Tr. Tun da yake rabon kwance da na tsaye dole su haɗu su cika ɗaya, Tr ρ = 1 kullum, ko tsantsa ko gauraye. Ashe tires na ro shi kaɗai ba ya bambanta kome. Bambancin yana sauran gurabu biyun, su ne ke riƙe da labarin yadda kwance da tsaye suke tafiya tare a ƙwaya ɗaya.

Wani zai ce, to ai magana ta ƙare, in gurabun gefe suna da lamba tsantsa ne, in sifiri ne gauraye ne. Wannan ba ta zauna ba. Jadawalin hasken kwance gurabunsa na gefe sifiri ne, alhali kuwa tsantsa ne ƙwarai. Kuma abin da ke gurabun gefe ya dogara ga fuskar da muka ga dama muka kira kwance. In na karkata kaina da digiri 45, hasken akwati na fari ya zama mini kwance, gurabun gefensa sun koma sifiri, hasken kuwa bai sake ba. Abin da muke nema shi ne ma'aunin da ba ruwansa da karkata kai. Tires yana da wannan hali, ba ya sakewa in an juya fuskokin awo. Dabarar ita ce a ninka ro da kansa tukuna, kana a ɗauki tires.

Ninka jadawali da jadawali sahu ne ake haɗawa da ginshiƙi. Don samun gurbin sama na hagu, a ɗauki sahu na fari da ginshiƙi na fari, a ninka lamba ta fari da ta fari, ta biyu da ta biyu, a tara. A akwati na fari, 1/2 × 1/2 + 1/2 × 1/2 = 1/2. Kowane gurbi haka zai fito, watau ρ² ya komo ρ ɗin nan dai, kuma Tr ρ² = 1. Wannan ba dace ba ne. Duk hali tsantsa haka yake: gurbin sama na hagu zai zama a²×a² + ab×ab, watau a²(a² + b²), wanda ya koma a² tun da abin cikin baka ɗaya ne. Sauran gurabu ma haka. A akwati na biyu kuwa, gurbin sama na hagu 1/2 × 1/2 + 0 = 1/4, na ƙasa dama ma 1/4, jimla 1/2. Ga hukuncin ke nan: in Tr ρ² ya cika 1, hali tsantsa ne; in ya gaza 1, gauraye ne.

Me ya sa gauraye ba zai taɓa cika ɗaya ba? Kowane jadawalin ro yana da wasu fuskoki biyu nasa na kansa, masu gittar juna, waɗanda in aka auna da su gurabun gefe sukan zama sifiri. Sai lambobi biyu su rage a layin kusurwa, mu ce p da q, ba mai gaza sifiri, kuma p + q = 1. A nan ninkawa ba wuya, Tr ρ² = p² + q². Ɗan aji ɗaya na sakandare ya san (p + q)² = p² + q² + 2pq, saboda haka p² + q² = 1 − 2pq. Ba zai cika ɗaya ba sai p ko q ya zama sifiri, watau sai akwai matacin da zai bar hasken duka ya wuce, wanda shi ne ma'anar tsantsa. Mafi ƙanƙantarsa kuwa sa'ad da p da q suka yi daidai, rabi da rabi, ya ba da 1/2. Hasken fitilar ƙwai mai zare, da na kyandir, kusan a nan suke.

Akwai gajeriyar hanya kuma. Tun da tires kaɗai muke so, ba sai an cika jadawalin ρ² duka ba. A ninka kowane gurbi na ro da kansa, a tara huɗun, shi ke nan. Na fari: 1/4 sau huɗu, ɗaya. Na biyu: 1/4 sau biyu, rabi.

Yanzu ga misalin da na fi so, domin a cikinsa ne ma'aunin ke nuna amfaninsa. A kawo akwati na uku, wanda rabin ƙwayoyinsa kwance ne, rabi kuwa karkace a digiri 45. Rabin jadawalin kwance ya ba da 1/2 a sama hagu. Rabin na karkace ya ba da 1/4 a kowane gurbi. A tara:

```
ρ = | 3/4  1/4 |
    | 1/4  1/4 |
```

Tires 3/4 + 1/4 = 1, daidai ne. Mu ɗan gwada shi da hankali: mataci a kwance zai bar ƙwayoyin kwance duka su wuce, rabin haske ke nan, ya kuma bar rabin na karkace, rubu'i ke nan, jimla 3/4, kamar yadda gurbin sama ya faɗa. To, Tr ρ² = 9/16 + 1/16 + 1/16 + 1/16 = 12/16 = 3/4. Gauraye ne, ko da yake gurabun gefensa ba sifiri ba ne.

Amma ku tsaya ku duba. An gauraya iri biyu rabi da rabi, kamar dai akwati na biyu, ga shi wancan ya ba da 1/2, wannan 3/4. Mai gaggawa zai ɗauki rabon gaurayawa, rabi da rabi, ya ce su ne p da q, ya sami 1/2, ya kuskure. Rabon gaurayawa yana zama p da q ne kawai in iri biyun suna gittar juna sarai, kamar kwance da tsaye. Kwance da karkace kuwa 'yan'uwa ne na kusa, suna da abin da suka yi tarayya a ciki, saboda haka gaurayensu bai kai wancan rikicewa ba. Fuskar jadawalin nan ta kansa tana tsakiyarsu, a digiri 22.5. Mataci a wannan fuska zai bar cos² 22.5°, wajen 0.854 na hasken, ya wuce, wanda ya gitta shi kuwa a digiri 112.5 zai bar 0.146. Su ne p da q na gaskiya. A ninka kowace da kanta, 0.729 da 0.021, a tara, 0.75. Hanyoyi biyu sun haɗu a wuri ɗaya.

Daga nan wani abu ya fito wanda a ganina shi ne mafi ban mamaki a batun duka. Akwatin da aka cika da kashi 85.4 cikin ɗari na ƙwayoyi masu digiri 22.5, da kashi 14.6 masu digiri 112.5, jadawalinsa daidai yake da na akwati na uku. Haka kuma akwati na biyu: in aka gauraya karkace na digiri 45 da na digiri 135 rabi da rabi, gurabun gefe, +1/4 da −1/4, za su kashe juna, a sami jadawalin nan dai mai 1/2 da 1/2. Kuma tun da kowane awo daga ro ake lissafa sakamakonsa, babu awon da zai bambanta akwatuna biyu masu jadawali ɗaya. In an gauraya gero da dawa a ƙwarya, mai haƙuri zai iya zama ya tsince su. Wannan gauraye ba ya tsintuwa. Jadawalin bai riƙe tarihin yadda aka shirya hasken ba, abin da ake iya aunawa kaɗai ya riƙe.

Akwai wani tarko da ya kamata in ambata. Igiyar nan ta yara, ban da sama da ƙasa ko hagu da dama, ana iya kaɗa ta da kewaye. Haske ma yana da irin wannan, mai kaɗawar zobe, kuma hali ne tsantsa. Amma mataci shi kaɗai ba ya gane shi: kome juyin da ka yi, rabi ne ke wucewa, sak da hasken kyandir. Wanda ya dogara ga juya mataci zai rantse gauraye ne. A lissafi, a da b na irin wannan haske suna bukatar lambar nan i, wadda in an ninka ta da kanta take ba da −1. Layin kusurwa 1/2 da 1/2 ne, gurabun gefe kuwa ɗaya −i/2, ɗaya +i/2. A ninkawar sahu da ginshiƙi, gurabun gefen nan juna suke ninkawa, −i/2 × i/2 = +1/4, sai gurbin sama hagu ya zama 1/4 + 1/4, tires ya cika 1. Saboda haka in za a bi gajeriyar hanya, girman lambar ake ninkawa da kansa, watau 1/2, ba lambar da i ɗinta ba. Wanda ya manta zai sami 1/4 + 1/4 − 1/4 − 1/4, sifiri, amsar da ba ta yiwuwa. Duk lokacin da lissafin gurabu huɗu ya ba ka ƙasa da 1/2 ko sama da 1, koma ka duba aikinka.

Yaya ake samun jadawalin in ba a buɗe akwati ba? Da awo iri uku. George Stokes ya tsara su tun 1852, shekaru da yawa kafin ilmin kwantam. Na fari, rabon kwance a ɗebe rabon tsaye, a kira shi s₁. Na biyu, rabon digiri 45 a ɗebe na digiri 135, s₂. Na uku, rabon zoben dama a ɗebe na zoben hagu, s₃; wannan sai an sa wani siririn faifan kiristal gaban mataci, wanda ke mai da kaɗawar zobe ta zama miƙaƙƙiya. Daga ukun nan gurabu huɗu suke cika, kuma Tr ρ² = (1 + s₁² + s₂² + s₃²)/2. A akwati na uku s₁ = 3/4 − 1/4 = 1/2, s₂ ma 1/2, s₃ sifiri, sai (1 + 1/4 + 1/4)/2 = 3/4, kamar dā. Ku lura ƙwaya ɗaya ba ta isa wannan aiki, sai an ƙirga dubbai, kuma ƙirga ba ta rasa ɗan kure. In haske yana dab da tsantsa, awo yana iya ba da, a misali, 0.6 da 0.8 da 0.1, lissafi ya fito 1.005. Wannan ba sabon irin haske ba ne, kuren awo ne, masu aikin kuwa sukan nemi jadawali halattacce mafi dacewa da abin da suka ƙirga.

Abu na ƙarshe shi ne iyakar ma'aunin. Yana faɗa mana cewa hali gauraye ne, amma ba ya faɗin dalili. Akwai tagwayen foton da ake haifa tare a sarƙe, irin waɗanda Alain Aspect da abokan aikinsa suka yi gwaji da su a Orsay ta ƙasar Faransa a 1981 da 1982, daga ƙwayoyin zarra na kalsiyam. Halin tagwayen a haɗe tsantsa ne: "duka biyu kwance" da "duka biyu tsaye" sun haɗu a hali ɗaya, kamar yadda arewa da gabas suka haɗu a tafiyar matafiyin nan. Jadawalinsu yana da gurabu 16, huɗu daga ciki kowane 1/2, sauran sifiri, saboda haka Tr ρ² = 4 × 1/4 = 1. Amma wanda ɗaya daga cikin tagwayen kaɗai ke iso masa, in ya yi awon nan uku, s₁ da s₂ da s₃ duka sifiri zai samu. Jadawalinsa na akwati na biyu ne sak, Tr ρ² = 1/2. A nan ba wata fitila mai rashin tsari, ba kuma abin da aka ɓoye masa game da ƙwayarsa. Gaurayen ya zo ne domin ya bar ɗan'uwanta a waje. Sai in an riga an tabbata tagwayen a haɗe tsantsa ne, sa'an nan gazawar Tr ρ² na ɗayansu take zama shaidar sarƙewa. In ba a tabbata ba, lambar 1/2 ba za ta gaya maka ko kyandir ne a cikin akwati ko tagwaye ba.